Yadda Ake Rage Dogon Bayanin Hoto a Bar Maganar da Ta Zama ta Mai Shi

Kusan duk bayanin hoton da ya yi tsawo yana ɗauke da jimla ɗaya wadda marubucinta kaɗai zai iya rubutawa. Sauran jimlolin kowa ma zai iya kawo su. Abin takaici, idan aka ce a rage, wannan jimlar ce ake fara sokewa, don ita ce ta fi kama da ƙaramar magana a tsakiyar addu'o'i da laƙabobi da yabo. Sai a wayi gari bayanin ya gajarta, ya yi tsaf, amma za a iya ɗauke shi a liƙa a ƙasan hoton kowa.

Hanyar kauce wa haka ɗaya ce: a gano jimlar tukuna, a keɓe ta, sannan a fara yanka. Tela in zai rage babbar riga ba ya kai almakashi wurin da aka yi mata aiki. Wurin aikin yake fara dubawa, sannan ya rage gefe. Wannan jagora za ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da misalin hoto guda daga GRA ta Katsina.

Fara da sanin girman wurin

Kafin ka taɓa ko kalma ɗaya, ka san inda rubutun zai zauna, domin wurin ne ke yanke hukuncin tsawo.

Idan a waya za a sa shi, akwai iyaka biyu. Ta farko ita ce iyakar abin da manhaja za ta karɓa: Instagram na karɓar har harafi 2,200, X kuma 280 ga mai amfani da shi kyauta, bayan da aka ninka daga 140 a shekarar 2017. Ta biyu ita ce ta fi shafarka, wato abin da ido zai gani kafin rubutu ya yanke. A Instagram, bayan kimanin harafi 125 sai rubutun ya tsaya a ga kalmar `more`, kuma duk abin da ke bayanta sai wanda ya latsa zai karanta. Facebook da WhatsApp su ma suna naɗe dogon rubutu ta irin wannan hanya. Ƙidayar ta haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya, don haka harafi 125 bai wuce kalmar Hausa 22 zuwa 25 ba.

Idan kuwa bugawa za a yi, a ƙasan hoton bango ko kalandar biki ko jota, ka tambayi mai bugawa layi nawa wurin zai ɗauka da rubutun da dattijo zai iya karantawa ba tare da ya matso ba. Galibi layi biyu ne ko uku. Idan ka kai masa sakin layi guda, ba zai ƙi karɓa ba. Zai ƙanƙance haruffan har su shige, ko ya datse da kansa daga ƙarshe, shi kuwa bai san wace jimla ce ta fi maka daraja ba.

Hoton da za mu yi aiki a kai

Mu ɗauka wani gida ne a GRA. Mahaifinsu ya rasu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, suna so su buga hotonsa a kalanda su raba wa dangi, su kuma sa shi a waya. An ɗauki hoton ranar Hawan Bariki, washegarin Sallah, ranar da Sarkin Katsina kan fito daga cikin birni da hakimansa su nufi gidan gwamnati. Babbar ɗiyarsa ta zauna ta rubuta wannan:

"Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Wannan hoton mahaifinmu ne abin ƙaunarmu, marigayi Alhaji, wanda aka ɗauka a ƙofar gidanmu da ke GRA a cikin birnin Katsina ta Dikko ɗakin kara, ranar Hawan Bariki na Ƙaramar Sallah, wato washegarin Sallah, lokacin da Mai Martaba Sarki yake zuwa gidan gwamnati tare da hakimansa. Ga shi nan zaune a kan kujera sanye da farar babbar riga da hula, jikokinsa sun kewaye shi. Baba mutum ne mai haƙuri, mai karamci, mai son zumunci, mai taimakon jama'a, wanda ba shi da abokin faɗa. Ya yi aikin gwamnati shekara 35 ba tare da an taɓa samunsa da wani laifi ba. Kowace shekara shi da kansa yake cika randa biyu da ruwan sanyi a ƙofar gida saboda masu jan dawaki, ba ya yarda wani ya riƙe moɗar sai shi. Mun yi babban rashi wanda ba za a iya maye gurbinsa ba. Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa, Allah ya kyautata namu zuwan, Allah ya bar zumunci. Amin summa amin."

Babu ƙarya a ciki, babu kuma rashin ladabi. Amma rubutun ya haura kalma 160, alhali ƙasan kalanda layi uku ne. A Instagram kuwa zai yanke ne daidai wajen "ƙofar gidanmu", mai karatu bai ji komai game da mutumin ba tukuna.

Mataki na farko: gano jimlar

Raba rubutun jimla-jimla, kowace a layinta. A nan guda tara ne. Sai ka yi wa kowace tambaya ɗaya: da an sa wannan jimla a ƙasan hoton mahaifin maƙwabcinmu, za ta dace? Idan amsar e ce, ba ita ba ce.

Godiya ga Allah za ta dace da kowane hoto. Bayanin Hawan Bariki zai dace da duk hoton da aka ɗauka a ranar. Farar riga da hula, dattawa da yawa su suka sa. Haƙuri da karamci da zumunci, da wuya a yi ta'aziyyar wani a Katsina ba a faɗe su ba. Shekara 35 a aikin gwamnati na kama da bayani na musamman don tana da lamba, amma shekara 35 ita ce ƙa'idar ritaya a aikin gwamnatin Najeriya, kuma GRA unguwa ce da aka kafa tun zamanin Turawa domin ma'aikata, inda tsofaffin ma'aikata ba sa wuyar samu. Wannan jimla za ta zauna daram a ƙasan hotuna da yawa a layi ɗaya.

Saura ta shida: randa biyu, masu jan dawaki, da moɗar da ba ya bari kowa ya riƙe. Ba za ka iya kai wannan gidan maƙwabci ba. Ita ce kuma aka binne sai bayan an wuce kalma 100.

Akwai alamomi uku da ke taimakawa wajen gane irin wannan jimla. Yawanci tana da abin da ake iya taɓawa, kamar randa ko sanda ko rediyo ko wani zane. Tana faɗin abin da mutum ya yi ko yake yi, ba halin da ake yabonsa da shi ba. Sannan ita ce idan aka karanta a tsakar gida wani zai yi dariya ko ya yi shiru, ya ce, "Wallahi haka yake." Idan kana shakka, karanta wa wanda ya san mutumin, ka lura da inda ya ɗago kai.

Wani lokaci ka bincika duk rubutun ka rasa jimlar. Wannan na nufin ba a rubuta ta ba, kuma yanka ba zai haifar da ita ba. Sai a koma wurin manya a tambaya, amma ba tambayar hali ba. Idan ka ce, "Hajiya, wane irin mutum ne Baba?" za ta ce maka mutumin kirki ne. Idan ka ce, "Hajiya, ranar hawa me Baba yake fara yi in ya dawo daga masallaci?" a nan randar za ta fito.

Mataki na biyu: yanka bisa tsari

Ja layi a ƙarƙashin jimlar da ka gano, kada ka taɓa ta yanzu. Sauran kuma a bi su da wannan tsari, daga mai sauƙin rabuwa zuwa mai wuya.

Da farko cire abin da hoton ya riga ya nuna. Gani ya kori ji. Kujera, farar riga, hula, zama, duk suna gaban mai kallo. Haka nan "wannan hoton ... ne" da "ga shi nan": ba wanda ya ɗauka wani abu ne daban. Abu ɗaya za a bari daga wannan jimla, shi ne cewa yaran jikokinsa ne, domin hoto ba ya faɗin dangantaka.

Na biyu, cire abin da mai karatunka ya sani. Dangin da za a raba wa kalanda Katsinawa ne, ba sa bukatar a gaya musu Hawan Bariki washegarin Sallah ake yi, ko ina Sarki yake zuwa. Kalma biyu sun ɗauke wannan duka. Kirarin gari ma yana da daɗi a baki, amma a ƙasan hoto ya cinye kalma huɗu ba tare da ya ƙara komai game da Baba ba. A nan sai an yi la'akari da masu karatu: da a jarida za a buga hoton, inda mutumin Maraɗi ko na Kumasi zai gani, da an bar "washegarin Sallah".

Na uku, cire jerin siffofin yabo. Wannan shi ne ya fi yi wa mutane ciwo, don suna ganin kamar an rage wa mamaci daraja. Ba a rage ba. Wanda ya karanta cewa dattijo yana tsayawa cikin rana yana miƙa wa masu jan doki ruwa da hannunsa ya riga ya ga karamci da taimakon jama'a. Aikin ya faɗi halin, kuma mai karatu ya fi yarda da abin da ya gano da kansa.

Na huɗu, tattara addu'a. Ba a cire addu'a daga bayanin hoton mamaci, duk ƙarancin wuri. Amma biyar a jere, kowace da "Allah ya" a gabanta, suna iya komawa ɗaya ko biyu. "Allah ya jiƙansa" ta wadatar, wanda ya karanta kuma zai ƙara tasa.

Bayan wannan zagaye, ga abin da ya rage:

"Marigayi Baba da jikokinsa a ƙofar gida, GRA, Katsina, ranar Hawan Bariki. Ya yi aikin gwamnati shekara 35. Kowace shekara shi da kansa yake cika randa biyu da ruwan sanyi saboda masu jan dawaki, ba ya yarda wani ya riƙe moɗar sai shi. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan."

Kalma 50 ke nan. An zubar da fiye da kashi biyu cikin uku, jimlar kuma tana nan yadda take, "a ƙofar gida" kawai aka mayar farko.

Mataki na uku: idan abu biyu suna takara

Yanzu aikin gwamnati da randa suna zaune gefe da gefe, kuma wuri bai isa duka biyun ba. A irin wannan hali hoton ne alƙali. An ɗauke shi a ƙofar gida ranar hawa, wurin da randunan suke zama, ranar da ake cika su. Maganar randa na ƙara wa wannan hoto ma'ana, maganar ofis kuwa tana jan hankali zuwa wani wuri da ba a gani. Da hoton ranar walimar ritayarsa ne, da hukuncin ya juya.

Ƙa'idar ita ce abu ɗaya ga hoto ɗaya. Idan aka cusa biyu, kowane yana rage wa ɗan'uwansa ƙarfi, sai bayanin ya fara komawa tarihin rayuwa. Wanda aka cire ba ɓata ya yi ba. A rubuta shi a bayan hoton, ko a sa shi a ƙasan wani hoto da ya dace da shi, ko a ɗan littafin tarihin da wasu gidaje kan buga. Faɗa wa 'yan'uwa haka tun da wuri yana kashe rabin gardama. Ƙanin da ya ce, "Yaya, ai kin cire aikin Baba," ya fi saurin haƙura idan aka nuna masa inda aka mayar da shi.

Mataki na huɗu: matse jimlar da kanta

Sai yanzu za a taɓa jimlar da aka ja wa layi, kuma a hankali. Ita ma tana da ƙashi tana da tsoka. Kalma 25 ce a yanzu. Me za a iya ragewa?

"Da ruwan sanyi" na iya tafiya, don ba a cika randa da wani abu, kuma kowa ya san ruwan randa da sanyi. "Shi da kansa yake cika" na iya zama "shi ke cika". "Ba ya yarda wani ya riƙe moɗar sai shi" na iya zama "ba mai riƙe moɗar sai shi". Amma akwai kalmomi uku da ba a taɓawa: randa, biyu, moɗa. Idan aka ce "yana ba mutane ruwa", an taƙaita, amma an koma maganar da za ta dace da kowa. Lambar ma tana aiki: "randa biyu" magana ce ta wanda ya gani da idonsa.

A cikin jimlar ma akwai inda nauyin ya fi taruwa. Ajiye ruwa a ƙofar gida sadaka ce da gidaje da yawa ke yi. Hana kowa riƙe moɗa kuwa halin mutum ɗaya ne, har da ɗan taurin kansa a ciki, shi ya sa 'ya'yansa suke tunawa. Saboda haka in wuri ya ƙara matsewa, randa ce za ta tafi kafin moɗa.

Ga na kalanda:

"Baba, Hawan Bariki, 2016. Kowace shekara shi ke cika wa masu jan dawaki randa biyu, kuma ba mai riƙe moɗar sai shi. Allah ya jiƙansa."

Kalma 25, harafi 133. A lura da abu biyu. An ƙara shekara, wadda babu ita a dogon rubutun duk da tsawonsa. Harafi huɗu ne kawai, amma jikan da zai ga kalandar bayan shekara 20 ita zai fara nema. An kuma cire "marigayi", don addu'ar ƙarshe ta riga ta sanar da rasuwa.

Domin waya, ana so duka ya shiga kafin rubutu ya naɗe. A cire "kuma", a mayar da "kowace shekara" ta zama "duk shekara", sai ya sauko 125 daidai. Ko da wata wayar ta yanke shi kafin nan, maganar moɗa ta riga ta fito, addu'ar ce za ta faɗa bayan `more`.

Idan kuma a jota ne ko sitika, inda layi ɗaya kawai ake da shi:

"Ranar Hawan Bariki, ba mai riƙe moɗa sai Baba."

Kalma tara. Baƙo ba zai gane duka labarin ba, amma na dangi ne, su kuwa sun sani.

Inda jimlar za ta zauna

Masu aikin jarida sun daɗe da tsari a kan wannan. Jimlar farko ta bayanin hoto tana faɗin wa, me, ina, yaushe. Ta biyu tana kawo abin da hoton bai nuna ba. Dalilinsu na aiki ne: idan shafi ya cika, daga ƙarshe ake datsewa, don haka abin da aka ajiye a ƙarshe shi ne ke cikin haɗari. Manhajar waya ma daga ƙarshe take naɗewa.

Don haka ka sa suna da wuri da shekara a gajarce a farko, jimlarka ta biyo baya nan take, addu'a ko godiya ta rufe. Kada ka fara da gabatarwa irin su "A wannan rana mai albarka muna farin cikin" ko "Ba ni da kalmomin da zan bayyana". Waɗannan kaɗai suna iya cinye sulusin wurin da ido ke gani.

Abin da ba a yankewa don neman wuri

Akwai kalmomin da cire su ke jawo magana. Idan Sarki ko hakimi yana cikin hoton, sarautarsa ta zauna yadda ake faɗinta. A rage wani wuri. A misalinmu an cire ambaton Mai Martaba ne gaba ɗaya don ba ya cikin hoton, wannan kuwa daban yake da a ambace shi a yanke masa girmamawa. Haka "Alhaji" da "Hajiya" da "Malam" ga wanda ba ɗan gida ba. Abin da ake iya ragewa shi ne tarin laƙabi: mutum ɗaya ya zo da Alhaji da Dokta da Injiniya da sarauta da tsohon muƙami. A zaɓi wanda aka fi kiransa da shi, ko wanda ya dace da taron da aka ɗauki hoton.

A hoton taron jama'a kuma, abin da ya mayar da hoton naka yana iya zama matsayin mutum kawai. A ce gida na da tsohon hoton ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta, gininta kuma yanzu gidan tarihi ne. Mai rubutu zai so ya zuba duk wannan tarihi a ƙasan hoton. Amma tarihin kwalejin yana cikin littattafai. Abin da babu shi a ko'ina sai a gidanku shi ne, "Kakanmu, na uku daga hagu a sahun baya." Idan wannan ya ɓace, bayan tsofaffin gida sun ƙaura ba mai iya nuna shi.

Kurakuran da aka fi yi da yadda ake gane su

Na farko shi ne jimlar ta narke ta koma siffa. Ana cikin matsewa, "ba mai riƙe moɗar sai shi" ta zama "mai son hidima". Alamar ita ce a nemi abin da ake iya taɓawa a cikin bayanin a rasa. Maganinsa a sake yin tambayar maƙwabci a kan rubutun ƙarshe, ba a kan na farko kaɗai ba.

Na biyu shi ne a yanke har jimlar ta rasa madogara. "Ba mai riƙe moɗa sai shi" ba tare da ambaton hawa ko masu jan dawaki ba, wanda bai san gidan ba zai ɗauka rowa ake nufi. A ba wani da bai san labarin ba ya karanta, a ce ya faɗi abin da ya fahimta. In ya kauce, a mayar da kalma biyu ko uku da za su tallafe ta.

Na uku shi ne ƙarin gishiri. Gajeren rubutu yana jan mutum ya sa randa biyu ta zama goma, ko "duk shekara" ta zama "shekara 40 bai taɓa fashi ba". Dangi sun san gaskiya, kuma da zarar sun kama ƙari ɗaya sai su daina yarda da sauran. Abin da ba ka tabbatar ba, ka bar shi.

Na huɗu ya fi sauran nauyi: jimlar ta zama ta mai shi har ta tona abin da bai kamata ya fita ba. Ba duk abin da ya keɓanta da mutum ne na bainar jama'a ba. Ciwon da ya yi jinya, bashin da ya yafe wa wani ɗan'uwa, sunan da miji ke kiran matarsa da shi a ɗaki, duk suna cin jarrabawar maƙwabci, amma ba wurinsu ba ne. Akwai kuma alkunya: uwa ba lallai ta so a rubuta sunan ɗanta na fari da bakinta ba, haka mace da sunan mijinta a gidajen da ke riƙe da wannan al'ada. Sannan akwai tsaro. Sunan layi, lambar gida, makarantar da yara ke zuwa, ranar da maigida zai yi tafiya, kada ɗaya ya shiga bayanin da za a sa a waya. "GRA" ma an cire ta daga rubutunmu na ƙarshe, kuma ba abin da ya ragu. Magana zarar bunu ce, abin da aka buga a kalanda 200 ko aka saki a waya ba ya dawowa. Idan jimlar ta shafi wani mai rai, a nuna masa tukuna: "Hajiya, ga abin da za mu rubuta a ƙasan hoton Baba, ko akwai abin da ba ki so ya fita?"

Na biyar na wurin bugawa ne. Wasu salon haruffa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati, ko mai bugawa ya maye su da k da d da b. A dogon rubutu mai karatu kan gane daga abin da ke kewaye, a gajere kuwa ba shi da wannan taimako. A hoton dattijo da jikoki, "jiƙansa" da ta rasa lanƙwasarta ta zama wata kalma daban. Ka nemi a nuna maka samfur ɗaya a takarda, ka duba harafi-harafi kafin a buga sauran.

Dubawar ƙarshe

Karanta rubutun da ƙarfi sau ɗaya. In numfashinka ya yanke kafin ka kai jimlar, gabatarwar ta yi yawa. Rufe hoton da hannu ka sake karantawa: shin an san wane ne, da yaushe? Buɗe hoton ka rufe rubutun: akwai abin da rubutun ya maimaita wanda ido ke gani? Sannan ka tura wa kanka a waya, ka duba a ƙaramar waya ba babba ba, ka ga inda ya yanke.

Wannan tsari bai tsaya ga hoton mamaci ba. A hoton amarya, jimlar na iya zama cewa sarƙar da ke wuyanta ita mahaifiyarta ta sa ranar nata auren. A hoton wanda ya kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana iya zama cewa da kuɗin ɗinkin hula ya biya rajistar shekarar ƙarshe, in ya yarda a faɗa. Matakan ba sa canzawa: san girman wuri, gano jimlar da ba za ta dace da hoton wani ba, yanke abin da ido ya gani da abin da kowa ya sani, bar addu'a ɗaya, sa shekara. Kuma kada ka goge dogon rubutun na farko. Ka ajiye shi a bayan hoton ko a cikin wayarka, domin wata rana wani daga cikin jikokin zai nemi sauran labarin.